Sanarwa ga ma'aikatan jinya na ɗakin yara: wa za a fara kira idan ciwo ya kama mai aiki

Daga majo ta ɗakin yara zuwa ga shugabannin rukuni biyar, A zuwa E, da dukan ma'aikatan jinya. Maradi, Litinin 1 ga Satumba 2025.

Assalamu alaikum, ƴan uwana abokan aiki.

Muna tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro, gadaje a cike suke, mu ma zazzaɓin bai ƙyale mu ba. Abin da muka saba yi idan wata ta kwanta shi ne mu kira wadda ba ta iya cewa a'a, ko wadda gidanta ke kusa, nan Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Haka aka wayi gari mutum uku ko huɗu ne ke ɗauke da nauyin kowa, wata ma ta sauka gardi da safe a dawo da ita da azahar. Daga yau an bar wannan. Mai lissafa magani bisa kilon jariri, mai neman jijiya a hannun yaron da jini ya ƙare masa, dole ta zo da idon da ya yi barci.

Da farko ga iyakokin da ba a ƙetarewa. Dokar aiki ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta sa aikin mako awa 40, ta kuma wajabta hutun awa 24 a jere kowane mako. Abin da ya haura awa 40 aikin ƙari ne, da kuɗinsa daban. A kan wannan gidanmu ya ɗora ƙa'ida biyu: awa 12 tsakanin sauka da sake hawa, sannan wadda ta sauka gardi ba a taɓa ta sai ta cika awa 24, wato daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na safiyar gobe. Ko ita ta ce ta yarda, ba a karɓa. Na san akwai masu son kuɗin ƙarin, kuma ban ga laifinsu ba a wannan tsadar, amma amsar dai a'a ce.

Juyinmu kun san shi: safe daga 8 zuwa 2, washegari yamma daga 2 zuwa 8, sai gardi daga 8 na dare zuwa 8 na safe, sai ranar sauka, sai ranar hutu. Kusan duk wanda za a kira daga rana ta biyar ɗin nan zai fito.

Wadda ta ji ba ta iya zuwa ta kira shugabar rukunin da ke kan aiki da baki, tun da ta fara jin jikin. Saƙon WhatsApp bai wadatar ba, don mai aiki ba ta riƙe da waya. Wadda ciwo ya kama a tsakiyar aiki ta miƙa marasa lafiyarta gado bayan gado, likita ya duba ta, ta tafi gida. Kada a tsare ta da tambayar me ke damunta a gaban mutane. Takardar likita za ta kawo ofis daga baya.

Sai shugabar rukuni ta bi wannan jeri, ba tsallake:

1. Mai jiran kira. Kowace rana mutum ɗaya daga rukunin da ke hutu, sunanta na kan allo tun farkon wata. Ranar nan wayarta a buɗe, kuma ba ta fita gari. Mai biki a Tibiri ko Jiratawa ta yi musaya tun da wuri, ta sanar da ni.

2. Sauran ƴan rukunin hutu, a fara da wadda awoyin ƙarinta suka fi kaɗan a watan. Awoyin suna shafin ƙarshe na kayen gardi. Waɗannan roƙonsu ake yi, suna da damar ƙi, kuma ba a rubuta wa kowa laifi don ta ƙi.

3. Ma'aikatan wucin gadi da sunayensu ke cikin kayen. Kafin a ce su taho, a tambaye su yaushe suka sauka a inda suke aiki. Awa 12 ɗin nan ta shafe su, ko da a wata likita suka kwana.

4. Tsawaita wa wadda ke kan aiki. Mai safe na iya zarcewa har 8 na dare, tunda sai 2 na ranar gobe za ta koma. Mai yamma ba ta wuce ƙarfe 10, jiran mai karɓa kawai take yi. Mai gardi ba ta zarcewa ko kaɗan.

5. Ni. A kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Kowane mutum kira biyu, minti biyar tsakani. Ba a ɗauka ba, a wuce gaba. Idan minti 30 suka cika babu wanda ya amsa, a kira ni ko da jerin bai ƙare ba.

Gardi ne mai wuya, don haka bari in tsaya a kansa. A ce ranar Laraba A na safe, E na yamma, D na gardi, C ta sauka, B na hutu. Ƙarfe 6 na yamma wata ƴar D ta kira, amai da zazzaɓi. Ƴar A ta sauka ƙarfe 2, awa 6 kawai za ta samu kafin 8, ba ta shiga lissafi. Ƴar E in ta zarce ta yi awa 18 a tsaye. Ƴar C tana cikin awa 24 ɗinta. Saura B. To amma B ce ke da safiyar Alhamis, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure: a rufe ramin dare, a manta an buɗe na safe. Wadda ta karɓi gardin ta sauka 8 na safiyar Alhamis ta tafi gida, sai 2 na ranar Juma'a ta dawo cikin rukuninta. Safiyar Alhamis kuwa mai jiran kira ta C ce za ta riƙe, don daidai ƙarfe 8 ɗin take cika awa 24. Shugabar da ta kira ƴar B ita ce za ta aika wa ƴar C saƙo a daren, ba sai gari ya waye ba.

Akwai waɗanda wayarsu ba ta ƙara ko an rasa kowa: mai konji, mai hutun haihuwa na mako 14, da mai takardar likita. Mai ciki da mai shayarwa ba a kiran su gardin ƙari. Da rana ana iya tambayarsu in suna cikin rukunin hutu. Ɗaliban da ke koyon aiki suna taimakawa, amma ba a lissafa su a madadin ma'aikaciya, kuma ba a bar musu ɗaki.

Zancen hanya: da rana gida ke biyan kuɗin kabu-kabu, zuwa da komawa. Bayan isha'i motar gida ke ɗauko mutum ta kuma mai da shi, musamman in an yi ruwa. Ba na son jin an ce wata ta ratso gari ita kaɗai ƙarfe 11 na dare don ta rufa mana asiri.

Kowane kira a rubuta shi a kayen gardi: wa aka kira, ƙarfe nawa, me ta ce, yaushe ta iso, yaushe ta sauka. Da shi ake biyan awoyin ƙari ƙarshen wata, da shi ake gane wa ke gaba a mataki na biyu, shi ne kuma za mu nuna idan masu binciken aiki suka zo. Awar da ba a rubuta ba, ofis ba ya iya biyan ta.

Wadda aka kira alhali tana cikin hutun da bai kamata a taɓa ba, ta faɗi haka kai tsaye, ta sanar da ni da safe. Shugabannin rukuni, ku zo ofis ranar Alhamis 4 ga wata ƙarfe 2 da rabi da lambobin wayar ƴan rukuninku, a gyara waɗanda suka canza, kowa ta sa hannu ta karɓi kwafinta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya.

Majo ta ɗakin yara