Sanarwa ga ma'aikatan shago kan amfani da manhajojin da ke rubutu

Daga: Mai shago
Zuwa: Masu buga takardu, mai fotokwafi, mai kula da wayar shago da yaran da ke koyon aiki

Assalamu alaikum.

Na lura wasunku sun fara amfani da ChatGPT, Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp wajen tsara wasiƙu da gyara Turanci. Ban hana ba, domin na ga yadda suke rage wahala idan layi ya yi tsawo. Amma daga ranar Litinin mai zuwa akwai ƙa'idojin da kowa zai bi, har da ni.

Babba a cikinsu ita ce amanar mutane. Wanda ya miƙo mana yarjejeniyar sayen fili, takardar rantsuwar kotu, sakamakon asibiti ko takardar rabon gado, mu ya ba, bai ba wani kamfani a ƙasar waje ba. Duk abin da aka rubuta wa waɗannan manhajoji yana tafiya ne kwamfutocin masu su, kuma ba mu da ikon dawo da shi. Kada tsaron WhatsApp ya ruɗe ku: saƙon da kuka aika wa Meta AI kamfanin yana iya ganinsa, ba kamar hirarku da 'yan uwa ba. Saboda haka sunan kwastoma, lambar wayarsa, adireshinsa, NIN, BVN, lambar asusu da hoton takardarsa ba za su shiga manhajar ba ko sau ɗaya. In tsarin wasiƙar neman aiki kuke so, ku nemi tsarin kawai babu suna, sannan ku cike sauran da hannunku a kwamfutar shago. A 2023 kamfanin Samsung da kansa ya taƙaita wa ma'aikatansa irin wannan amfani bayan an zuba bayanan cikin gida a ChatGPT. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, kuma ba na son a wayi gari an kawo mana ƙorafi a kanta.

Sai maganar gaskiyar abin da suke rubutawa. Aikin waɗannan manhajoji shi ne jera kalmomin da suka saba zuwa tare, shi ya sa sukan kawo ƙarya da cikakken ƙarfin hali. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Mu ma mun ɗanɗana. A makon jiya an buga katin ɗaurin aure guda 200, an bar manhaja ta mayar da kwanan wata zuwa na Hijira, ta saka ranar da ba ita ba. Kawun ango ne ya gani yana tsaye a bakin kanta, katin a hannunsa ko ɗaurin roba ba a cire ba. Takarda da tawada suka tafi a banza, muka kuma ba da haƙuri. Ba na neman wanda ya yi, an wuce wurin. Daga yau dai, kwanan wata, adadin kuɗi, sunaye da lambobi daga takardar mai aiki za a kwafe su, a karanta masa ya ji, ya amince, kafin a danna bugu.

Aya da hadisi kuwa babu sassauci. Kada a karɓi ko ɗaya daga manhaja a saka a kati, kalanda ko takardar Islamiyya. A ɗauko daga Mus'hafi ko littafin da mai aikin ya kawo. Haka Hausa: sukan zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ, su kuma kawo jimlar da babu Bahaushen da zai furta ta. Ku karanta a bayyane, kunnenku zai gaya muku.

Mai kula da wayar shago, don Allah kada ka tura wa kwastoma amsar da ba ka karanta ba. Farashi, ragi da ranar karɓar aiki daga bakina ko daga takardar da ke manne a bango za su fito.

Ɗalibai za su zo su ce a rubuta musu aikin makaranta da manhaja. Ku ba su haƙuri, mu bugawa muke yi. Yarjejeniya ko takardar kotu ma ba mu tsara wa kowa, wanda ba shi da rubutacciya ya je wurin lauya. In kuma an yi amfani da manhaja a wasiƙar mutum, a sanar da shi.

Yaran da ke koyo, ku fara iya tsara wasiƙa da kanku tukuna. Sai wanda ke koya muku ya ba da izini za ku taɓa manhajar.

Wanda ya yi kuskure ya faɗa mini nan take, ba zan cire masa ko sisi ba. Wanda ya ɓoye, ko ya saka bayanan kwastoma da gangan, zai biya kuɗin aikin, in ya maimaita kuma mu rabu lafiya. Kowa ya sa hannu a bayan wannan takarda kafin a tashi ranar Asabar. Mai tambaya ya same ni bayan sallar La'asar.

Na gode, Allah ya yi mana jagora.

Mai shago