Hajiya, Ga Abin Da Ya Tsayar Da Shafin Shago Daren Alhamis

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum Hajiya. Barka da shan ruwa, ya ibada, ya kasuwa? Allah Ya karɓa mana.

Na yi miki alkawari a waya cewa zan rubuto bayani filla-filla idan na gama bincike, domin a daren Alhamis da shafin ya tsaya hankalinki a tashe yake, ni ma nawa haka. Bari in fara da abin da ya fi damunki: ba kutse aka yi mana ba. Ba wanda ya taɓa kuɗin shago, hotunan kaya da farashinsu suna nan yadda muka bar su, sunayen kwastomomi da lambobinsu ba su fita ko'ina ba. Kuɗin hayar shafin ma bai ƙare ba, sai watan Agusta. Abin da ya faru shi ne jama'a sun yi wa shafin yawa a lokaci guda, ƙarfin da muke haya bai ɗauke su ba, kuma akwai sakaci guda biyu daga wajena da suka ƙara dagula lamarin.

Shafinki yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta ta kamfanin da muke haya a wajensu, wadda ake kira saba. Ba mu kaɗai ba ne a kanta, akwai shafukan mutane da yawa. Ki ɗauka kamar filazar da shagonki yake a Wunti, inda janareto ɗaya ke ba kowa wuta. Don kada wani ya jona dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki ya kashe wa maƙwabta wuta, sai a sa wa kowane shago nasa makatsin, wanda ya wuce ƙa'ida nasa ne kaɗai zai faɗi. To haka kamfanin ya yi. A tsarin da muke biya naira 45,000 a shekara, an ba mu ƙwaƙwalwar sarrafa aiki guda ɗaya, wato abin da suke rubutawa CPU, da gigabait 1 na wurin riƙe aiki, sai kuma wani abu da suke kira Entry Processes, wato guraben sallamar masu dannawa a lokaci guda, wanda namu 20 ne. Wannan na ƙarshen shi ne ya faɗi.

Ina so ki fahimci 20 ɗin nan da kyau, don Malam Sani ya ce miki wai mutum 20 kaɗai shafin ke iya ɗauka, kuma ba haka ba ne. Ki ƙaddara yaran shago 20 gare ki. Mace ta shigo ta ce a ɗauko mata atamfa kaza, yaro ya miƙa mata, ya juya ga ta gaba, ita kuma ta koma gefe tana dubawa. Duk tsawon lokacin da take jujjuya atamfar ba ta tsare kowa ba. Haka shafi yake, mai kallon hoto a wayarta ba ta riƙe komai, sai a daidai lokacin da ta danna wani abu ake tsaya mata. Idan kowane dannawa na ɗaukar rabin daƙiƙa, yara 20 za su sallami 40 a daƙiƙa ɗaya, ɗaruruwan mutane su yi ta yawo a shafin ba wanda ya ji komai. Amma idan aiki ya yi nauyi har kowane dannawa ya koma daƙiƙa 20, to mutum ɗaya tal ake sallama a daƙiƙa. Duk wadda ta zo ta tarar da yaran nan 20 hannunsu cike, ba a ce mata ta jira, ƙofa ake rufe mata. Shi ne farin shafin da Aisha ta ɗauko hotonsa ta turo miki, mai wannan rubutu:

```
508 Resource Limit Is Reached
```

Ma'anarsa kawai an kai iyakar abin da aka ware mana.

Ga yadda daren ya kasance, kamar yadda na gani a cPanel, wato wurin da nake kula da shafin, a sashen Resource Usage mai nuna ƙarfin da aka ci. Da ƙarfe 8:40 yarinyar da kika ba tallar leshin Sallah ta saka bidiyon a Instagram tare da adireshin shafin. Ke ma kin sa a sitatus, yaran shago sun tura a guruf-guruf. Mutane na fitowa daga tarawihi kowa ya ɗauki waya. A ranar da aka saba, masu shiga shafin ba su wuce 150 daga safe zuwa dare. A wannan dare, tsakanin 8:40 da 9:40 kaɗai, sun kusa 1,900. Duk da haka har ƙarfe 9:00 shafin na tafiya, sai dai da ɗan jan ƙafa.

Ƙarfe 9:00 daidai ne sakacina na farko ya fito. Akwai manhajar da ke kwafe shafin gaba ɗaya ta adana kowane dare, saboda ko wani abu zai lalace. Tun shekarar da muka buɗe na sa mata ƙarfe 9:00, lokacin an rufe shago kuma ba mai shiga. Ban koma na canza ba, alhali na san a watan azumi dare ne kasuwa. Ta tashi tana tattara hotuna sama da 6,000 tana matse su wuri guda, ta cinye ƙarfin CPU ɗin nan guda ɗaya. Shi kuma tsarin kamfanin idan an kai iyakar CPU ba ya kashe shafi, rage masa gudu yake yi. Daga nan kowane dannawa ya fara daɗewa, gurabe 20 suka cike, ƙarfe 9:07 aka fara kora mutane.

Na biyun ya fi min ciwo. Akwai wata manhaja mai suna LiteSpeed Cache, aikinta shi ne ta shirya shafin kaya sau ɗaya ta ajiye, duk wanda ya zo a miƙa masa shiryayye, kamar yadda kuke yanka yadi biyar-biyar ku jera tun kafin masu saye su zo. Ranar Litinin da muke sauya farashin shadda na kashe ta, don in riƙa ganin sabon farashi nan take. Na gama ban kunna ba. Saboda haka a daren Alhamis duk wadda ta buɗe hoton leshin nan sai an auna an yanka mata daga farko, mutum 1,900, leshi iri ɗaya. Da tana kunne, ina kyautata zaton da mun sha da ƙyar ko da kwafin na gudana. Wannan laifina ne, Hajiya, ki yi haƙuri.

Su ma mutane idan shafi ya ƙi buɗewa sai su yi ta dannawa, kowane dannawa kuma sabon layi ne. Shi ya sa kika ga yana buɗe wa wasu yana ƙin wasu. Da kiranki ya same ni 9:50 ina hanyar gida daga Yelwa, na isa na tsayar da kwafin, na kunna waccan manhaja, 10:35 komai ya daidaita. Kusan awa ɗaya da rabi ke nan.

Maganar kuɗi. Oda 41 ce ta shiga lafiya a daren. Akwai guda 3 da aka cire wa masu su kuɗi amma shafin ya nuna ba su biya ba. Dalili shi ne idan mutum ya biya, kamfanin karɓar kuɗin yakan aiko wa shafinmu saƙo cewa an biya, to saƙon ma ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gwada da abin da ya shiga asusu, kuɗin duk sun iso, naira 186,500 jimilla, na gyara su zuwa waɗanda aka biya. Ɗaya ta Azare ce, ɗaya ta Fadaman Mada, ɗaya kuma ita ce baiwar Allahn nan ta Gombe da ta yi ta kiran Aisha tana faɗa. Ina ganin ya dace ke da kanki ki kira ta, muryarki za ta fi tawa sanyaya mata rai. Waɗanda suka zo suka tarar a rufe suka tafi kuwa, su ne asarar gaske, wasu za su dawo wasu sun saya a wani wuri.

Daga jiya zuwa yau na mai da kwafin ƙarfe 3:00 na dare, kafin a tashi sahur. Na rage nauyin hotuna, don wasu yadda aka ɗauke su a waya haka aka ɗora su, ɗaya na kai megabait 5, yanzu yawancinsu ba su kai kilobait 200 ba kuma ido ba zai gane bambanci ba. Na cire manhajoji 4 da ba ma amfani da su. Na kuma sa abin da zai riƙa leƙa shafin duk minti 5 ya turo min saƙo idan ya tsaya, don kada ya zama ke ce za ki fara sanar da ni.

Sai dai akwai inda gyarana ba ya kaiwa. Kwandon saye da shafin biyan kuɗi ba a iya shirya su a ajiye, tunda na kowa daban ne, dole a yi wa kowace mai saye nata lissafin. Ranar da masu biya suka taru da yawa a minti ɗaya, 20 ɗin nan za ta sake cika. Goman ƙarshe na tafe, kin fi ni sanin yadda Wunti ke zama a wannan lokaci.

Shawarata mu hau tsari na gaba a wannan kamfanin. Naira 95,000 ne a shekara, CPU 2, gigabait 2, gurabe 40. Na tambaye su, sun ce za su cire ragowar kuɗinmu na yanzu daga ciki, kuma ba sai an kwashe shafin an kai wani wuri ba, su ne za su ɗaga iyakar daga wajensu. Akwai kuma hayar saba mai zaman kanta da ake kira VPS, wadda Malam Sani ya ambata miki. Ban ba ki shawararta yanzu ba. Kuɗinta kusan naira 25,000 ne duk wata, tana son mai kula da ita kullum, kuma ƙaura ana saura mako biyu Sallah ganganci ne. Idan bayan Babbar Sallah ciniki ya ci gaba a haka, sai mu zauna mu duba. Kada kuma tallar da ake yi ta cewa wani tsari ba shi da iyaka ta ruɗe ki. Galibi wurin ajiya da yawan data suke nufi, amma iyakar CPU da ta gurabe tana nan a cikin sharuɗɗansu.

Roƙona ɗaya, duk ranar da za a saki talla, ko ta Instagram ko ta rediyo, a gaya min ko da awa biyu kafin lokacin, in zauna a gaban kwamfuta ina kallo. Idan da hali kuma a rarraba, sitatus da rana, mai talla da dare.

Kuɗin aikina na wannan wata ki bar shi, ba zan karɓa ba. Idan kin amince da ƙarin tsarin, ki sa Aisha ta turo min saƙo kafin Litinin, in biya in gwada shi da rana tun kafin tallar shaddar maza ta ranar Laraba. Gobe bayan la'asar zan biyo shago in nuna miki jadawalin a waya ki gani da idonki.

A gaida Alhaji da yara. Allah Ya sa albarka a kasuwa.

Naki,
Auwal