Kwando Uku: Rubutun Sharhin Fim Kan Yini Guda a Kasuwa

Tsawon fim: minti 4 da daƙiƙa 30. Ga mai karantawa: an riga an haɗa hotunan, ba za a ƙara ko daƙiƙa ɗaya ba. Inda aka rubuta "shiru", a bar hayaniyar kasuwa ta fito.

00:00 zuwa 00:25
HOTO: Duhu. Mai gadi yana jan ƙyaure, fitilun babbar mota na shigowa.
MURYA: Ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Gari na barci, amma motar nan a hanya ta kwana. Da dare ake tafiya da kayan gwari, don in rana ta same su a bayan mota, kafin a iso sun fara laushi.

00:25 zuwa 01:05
HOTO: 'Yan dako na sauke kwanduna. Wani dattijo riƙe da littafi, wata mata na nuna masa kwando uku.
MURYA: 'Yan dako ne ke fara cin kasuwa. Kowane kwando da ladansa, shi ya sa ba ka ganin mai tafiyar hawainiya a cikinsu. Dattijon can dillali ne. Matar da ke gabansa ta zaɓi kwando uku na tumatir, ba ta kuma biya komai ba. Ya rubuta layi uku a littafinsa. Sai yamma za su sake haɗuwa.

01:05 zuwa 01:40
HOTO: Gari ya waye. Hannuwanta kusa-kusa, tana ware tumatir kashi-kashi.
MURYA (a hankali, a bi motsin hannun): Saman kwando kowa ya gani. Abin da ke ƙasa kuwa, sai an zazzage. Masu tauri gefe guda, waɗanda suka nuna sosai gefe guda, fasassu can nesa, don guda ɗaya in ya ruɓe ba ya tafiya shi kaɗai. Ribarta ta yau tana cikin wannan tsintar, tun kafin mai saye ko ɗaya ya leƙo.

01:40 zuwa 01:55
HOTO: Daga sama. Layuka sun cika maƙil. Mai baro ya gitta, kyamara ta ɗan girgiza.
Shiru. A ɗaga sautin "A ba da hanya!"

01:55 zuwa 02:40
HOTO: Ciniki. Wani mutum ya taya, ta girgiza kai, ya juya, ya yi taku uku.
MURYA: Ya taya, ta ce albarka. Ku lura da tafiyarsa: ba ta mai barin wuri ba ce, kunnensa na baya.
(Shiru, daƙiƙa 4. A ji muryarta: "Malam, dawo mana!")
MURYA: Ya dawo. Da hantsi ita ke da ƙarfi a ciniki, kayanta na sheƙi, masu saye na tururuwa. Ta rage masa kaɗan, ta ɗora masa gyara biyu, kowa ya rabu da ɗan'uwansa yana ganin shi ya yi wayo.

02:40 zuwa 03:15
HOTO: Rana tsaka. Ruwa na ɗiga daga teburin mai kifi. Sai rumfar mai yadi, yana gyangyaɗi.
MURYA: Rana ta take, ƙafa ta ɗauke. Wannan ɗigar da kuke gani ƙanƙarar mai kifi ce ke narkewa, ita ce kuma agogonsa. Maƙwabcinsa mai yadi kuwa yana iya runtsawa. Abin da bai sayar yau ba, wata mai zuwa ma yana nan yadda yake.

03:15 zuwa 03:25
HOTO: Wani yaro ya tsaya yana ƙare wa kyamara kallo, aka ja shi.
Shiru. Kada a rufe dariyar da ke baya.

03:25 zuwa 04:00
HOTO: Inuwa ta miƙe. Matar na haɗa kashi biyu wuri guda, tana kiran masu wucewa.
MURYA: Yanzu ita ke kira. Kashi biyu sun zama ɗaya, kuɗin kuma bai ƙaru ba. Akwai masu sayen da suka san da haka, ba sa fitowa sai irin wannan lokaci. Ita ma ta san su, ba ta kuma jin haushinsu: da a zubar gobe, gara a sallama yau.

04:00 zuwa 04:30
HOTO: Magariba. Ana shara. Tana ƙirga kuɗi a gaban dillali, rabin kwando a gefenta rufe da jiƙaƙƙen buhu.
MURYA: Ta ƙirga sau biyu kafin ta miƙa. Ya soke layi ɗaya. Ya soke na biyu.
(Shiru, daƙiƙa 3, har ya ɗaga alƙalami.)
MURYA: Na ukun ya bar shi sai gobe.
HOTO: Ya rufe littafi. Hoto ya dushe, sautin tsintsiya ya ci gaba daƙiƙa 5.