Neman aikin jami'in sayen shanshera da kuka tallata

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe,

Da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya jama'a. Na ga sanarwar da kuka fitar cewa kamfaninku na neman wanda zai riƙe sayen shanshera a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ne na ce bari in shigo sahu. Takardar da ke ɗauke da tarihin karatuna da wuraren da na yi aiki tana maƙale da wannan saƙo, sunan fayil ɗin CV_Nura.pdf, duk shekaru da takardun shaida suna ciki don haka ba zan sake jero su a nan ba. Abin da nake so ka sani shi ne yadda nake yin aikin idan aka sake ni a fili, don wannan kam takarda ba ta iya nuna shi.

Ni a wajena aikin sayen shanshera kusan dukkansa magana ce ta danshi. Shinkafar da aka yanka yau aka buge ta, danshinta yakan haura kashi 20 cikin 100, ita kuwa wadda za ta zauna a sito lafiya ba ta son ta wuce 14. To idan ka sayi kilo 100 mai danshi 22, kafin ta bushe ta sauko 14 abin da zai rage a hannunka bai kai kilo 91 ba, kenan a kowane buhu ka biya kuɗin ruwa kusan kilo 9, ka lissafa wannan a tirela guda ka ga inda riba take zurarewa tun kafin inji ya taɓa ta, ga kuma idan aka jibge ta haka a sito zafi take ɗauka ta yi ja ta fara wari. Shi ya sa ba na yarda da gwajin haƙori kaɗai, wato a ɗauki ƙwaya a gartsa a ce ai ta bushe, duk da ina girmama tsofaffin da suka iya shi. Mitar gwajin danshi a jakata take kwana. Kuma ba a bakin buhu nake ɗiban samfur ba, sai na soka ƙarfe tsakiya da gindi, don a can ake ɓoye ɗanya da ƙaiƙayi.

Bushewar ma idan ta yi yawa matsala ce, wadda aka bari rana ta gasa ta ko ta bushe raɓa ta sake jiƙa ta, ƙwayar tsagewa take yi a ciki, tana shiga inji sai karyayya. Wadda aka shanya a gefen kwalta kuma tsakuwa da yashi. Ina duba waɗannan tun a wajen shanya, ba na jira sai an ɗinke buhu.

Ɗaya ɓangaren kuma mutane ne, kuma gaskiya shi na fi ji da shi. Manomi a Kadawa ba ya rasa mai saye, lokacin kaka dillalai har bakin gona suke binsa da kuɗi a hannu, to me zai sa ya riƙe maka kayansa? Abin da na gani shi ne a auna a gabansa ya ga sikeli da idonsa, a nuna masa lambar da mita ta bayar, idan za a rage masa kuɗi saboda danshi a yi lissafin a fili ya ji dalili, sannan alat ya shigo ranar da aka ce zai shigo. Akwai wani dattijo a wajen Bunkure da na taɓa mayar wa da buhu 30 saboda ba su bushe ba, ransa ya ɓaci sosai har ya ce ba zai ƙara kawo mana ba, sai na aika masa da aron tamfol biyu na ce ya ƙara mata rana, farashin da muka yi magana yana nan ba zan taɓa ba. Da ya dawo mita ta nuna 14 na biya shi cif a ranar, kakar da ta biyo baya kuwa da maƙwabtansa ya zo.

Za ka ga akwai giɓi a takardata daga 2021 zuwa 2022, gara ka ji daga bakina. Mahaifinmu ne ya kwanta rashin lafiya, ni ne babba, na ajiye aiki na koma na riƙe gonarmu da ke shan ruwan Tiga, rani da damina, Faro 44 da Jamila muke sawa. A nan na zauna a ɗaya gefen sikelin, na san yadda mutum yake ji idan ya ci bashin taki da maganin feshi kuma mai saye ya ce ka dawo jibi, jibin ta zama sati biyu. Ina ganin waɗannan shekaru biyu sun ƙara mini abin da aikin nan yake buƙata fiye da wasu da suke rubuce a takardar. Alhamdu lillahi Baba ya samu sauƙi, ƙanena ne ke riƙe da gonar yanzu, ba abin da zai raba mini hankali.

Dalilin da ya sa kamfaninku nake so shi ne a sanarwar kun ce kuna son ku riƙa saye kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma. Wannan hanya ce mai kyau amma tana da wuya a farko, don dillali ba auna kaya kawai yake yi ba, shi ne yake ba manomi rance lokacin shuka da lokacin biki, duk wanda zai shiga tsakaninsu sai ya zo da abin da zai maye wannan gurbi. Da za ku ba ni dama, da ƙungiyoyi kaɗan zan fara waɗanda na san shugabanninsu, a ba su aron tamfol da buhuna tun kafin yanka, a kafa wurin awo kusa da su saboda kuɗin mota kada ya cinye su, in kaka ɗaya ta wuce lafiya sauran da ƙafarsu za su zo. Lissafi kuma ina ajiye shi a Excel, kowane manomi da nauyin kayansa da danshi da ranar biya, kullum da yamma zan turo maka, ba sai ka nema ba.

Ina zaune a Kura, ina da babur da lasisi, kuma idan aiki ya kai ni Haɗeja ko Auyo ba matsala, na saba da hanyar. Zan iya farawa nan da sati biyu, ina so in miƙa abin da ke hannuna a inda nake yanzu cikin mutunci. Mutane biyu da za su ba da shaida a kaina, tsohon maigidana da shugaban wata ƙungiyar manoma, sunayensu da lambobinsu suna shafin ƙarshe tare da lambata, na kuma sanar da su cewa za a iya kiransu.

Idan da hali ina roƙon a ba ni ko minti 20 in zo ofis mu gana, ko kuma a haɗa ni da mai kula da sito a ajiye mini buhu biyar in tantance su a gabanku, duk ranar da ta yi maka daidai in sha Allahu zan zo.

Na gode ƙwarai da lokacinka, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a kasuwa.

Naka,
Nura