Saƙo ga Anti kafin gyaran gashin Asabar

Assalamu alaikum Anti, ina gajiya, ya kasuwa? Na ga gara in rubuto miki tun yanzu, don ranar Asabar shagon zai cika da 'yan biki.

Fatar kaina ba ta da ƙwari. Kafin Babbar Sallar 2022 an sa min rilaksa a wani shago a Sabon Gari, irin mai soda a ciki, kuma ana gobe za a sa min da daddare na sosa kaina. Tun minti 5 na ce yana min zafi, aka ce in daure, sai da ya kai minti 25. Washegari ƙeyata da bayan kunnen hagu suka yi ruwa, gashin ya manne da ciwon. Na yi wata 2 ina jinya, har yau gashi bai dawo sosai a wurin ba. Likitar fata a Shika ta ce tabo ne, kada sinadari ya sake taɓa shi.

Don Allah ban da rilaksa, ko ta yara ce, ban da baƙin rini. Ki wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, da tafin yatsa, ba farce ba. Diraya mai zafi da man da ke da mantaleta suna tayar min da ƙaiƙayi. Zan zo da man kaɗanyata da matajina mai manyan haƙora.

Kitson shuku nake so, manya, sakwa-sakwa, kada a ja bakin goshi ko gefen tabon. Idan na ce da zafi, ki tsaya nan take.

Zan iso ƙarfe 10 in sha Allah.

Ƙanwarki ta Tudun Wada