Takardar Neman Biyan Ariyas na Albashi, Janairu zuwa Agusta 2025

Sashen Sito,
Sharaɗa, Kano.
8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Manajan Darakta,
ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman a biya ni ragowar albashin da nake bin kamfani tun bayan ƙarin girman da aka yi mini.

Takardar da aka ba ni ranar 16 ga Disamba, 2024 ta ɗaga ni daga mataimaki zuwa mai kula da sito, ta kuma mayar da albashina ₦150,000 a wata maimakon ₦120,000, daga 1 ga Janairu, 2025. Na kama aikin a ranar da aka ce, makullai da littafin shige da ficen kaya suna hannuna tun lokacin, amma albashin bai bi takardar ba.

Daga Janairu zuwa Mayu an ci gaba da biyana ₦120,000, wato giɓin ₦30,000 sau 5, ya kama ₦150,000. A watan Yuni aka yi gyara, sai dai gyaran bai cika ba, domin takardar albashina ta nuna ₦138,000, an bar ƙarin ₦12,000 na alawus ɗin gida a baya, kuma haka ta sake fitowa a Yuli da Agusta. Wannan ya kama ₦36,000. Jimillar giɓin wata 8 ita ce ₦186,000.

Ba duka wannan kuɗin ne zai shigo hannuna ba. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10, a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri, waɗanda su ne albashina gaba ɗaya. Kasona ₦14,880 ne, na kamfani ₦18,600, saboda haka ₦33,480 ya kamata su shiga asusuna na fansho. Wannan ɓangaren ya fi damuna, don kuɗin da bai shiga asusun a kan lokaci ba ya rasa ribar da zai tara.

Idan aka cire ₦14,880 daga ₦186,000, saura ₦171,120. A watan Yuli kashiya ya ba ni ₦20,000 a hannu a matsayin somin biya, na kuma sa hannu a kan rasit, don haka abin da ya rage shi ne ₦151,120 kafin haraji, wanda na bar wa Sashen Kuɗi lissafinsa.

Ina roƙon a biya wannan kuɗi tare da albashin Satumba, a tura na fansho inda ya dace, a kuma daidaita albashina a kan ₦150,000 daga wannan wata. Na haɗo kwafin takardar ƙarin girma, da takardun albashi na watannin 8, da rasit ɗin Yuli. Idan lissafin ofis ya saɓa da nawa, a shirye nake in zauna da akanta mu bi shi wata bayan wata.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Sani Garba,
Mai Kula da Sito.