Taƙaitaccen hukuncin kotu kan harajin VAT, ga 'yan kasuwarmu na Gujungu

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ga bayanin hukuncin nan da kuka ce a sauƙaƙa muku, ku karanta wa waɗanda ba su da waya don Allah.

Shari'ar tsakanin gwamnatin jihar Ribas ce da hukumar tara haraji ta tarayya ta wancan lokacin, FIRS. Ribas ce ta kai ƙara. Ranar 9 ga Agusta 2021 Mai shari'a Stephen Pam na Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ya ba Ribas gaskiya, ya ce jihar ce ke da ikon karɓar VAT a cikinta.

Hujjarsa daga tsarin mulkin 1999 take. Akwai jerin abubuwan da aka ware wa tarayya ita kaɗai, a ciki akwai harajin kuɗin shiga da na riba da kuɗin hatimin takardu, amma VAT wato kashi 7.5 ɗin nan da ake ɗorawa kan kaya idan ka saya ba ya ciki, to alƙali ya ce tunda ba a rubuta ba tarayya ba ta da hurumi. Iyakar maganar kenan fa. Ba soke harajin aka yi ba kamar yadda ake ta yaɗawa a tasha, rigimar kawai aljihun wa kuɗin zai shiga.

Kuma ma maganar ba ta ƙare a nan ba. FIRS ta ɗaukaka ƙara, ranar 10 ga Satumba Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta ce kowa ya tsaya inda yake kafin ta saurari maganar, don haka FIRS ce ta ci gaba da karɓa.

To me ya shafe mu? Masu gero da dawa da shinkafa da wake ku kwantar da hankalinku, kayan abinci irin waɗannan dama babu VAT a kansu. A 2021, wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba shi ma doka ba ta ɗora masa karɓa ba. Ku masu sarin siminti da kwanon rufi daga Kano, yadda kuke gani a rasit haka za ku ci gaba da gani. Kuɗin rumfa da na shigo da dabbobi kara kuwa hukuncin bai taɓa su ba, kada wani ya ƙi biya ya ce kotu ce ta hana.

Inda abin zai iya cizonmu shi ne rabo. A 2021 ana tara kuɗin wuri ɗaya, tarayya ta ɗauki kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. In kowace jiha ta riƙe nata, Legas da Ribas za su sha romo don can manyan kamfanoni suke, mu a Jigawa a ganina kasonmu raguwa zai yi, har abin da ke zuwa Taura.

Mai takardar haraji a hannu ya kawo ranar Lahadi bayan azahar mu duba tare.